Arahar Kayan Miya: Yadda Ake Mai da Kwandon Fabrairu Ya Zama Miyar Yuli

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Janairu zuwa tsakiyar Maris, motoci ɗauke da kwandunan tumatir sukan yi jerin gwano daga Kadawa da Kura da Garun Malam a Jihar Kano, da Ɗanja a Jihar Katsina, da kewayen Zariya, zuwa kasuwannin Abuja da Ibadan da Legas. A wannan lokaci ne noman rani yake nuna gaba ɗaya, musamman a filayen da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Kaya sukan yi yawa har farashi ya faɗi warwas, wani lokaci ma kuɗin da manomi zai samu ba ya biyan kwando da mota. Bayan wata uku ko huɗu sai al'amari ya juya. Zafin bazara ya hana tumatir yin 'ya'ya, damina ta kawo cututtuka, kwandon da aka yi ta roƙon a saya ya zama sai wane da wane. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuma a tsakiyar 2024 babban kwando ya haura naira dubu ɗari a Legas.

Wannan darasi an shirya shi ne domin masu gidajen abinci, da masu kwangilar ciyar da ma'aikata ko ɗalibai, da ƙananan 'yan kasuwa masu sha'awar ajiye kayan miya. Abin da yake so ya nuna shi ne, araha ba ta zama riba sai an yi lissafi kafin a sayi kaya: nawa za a shanya, nawa za a dafa a ajiye, nawa za a ci ɗanye, kuma a wane abinci kowanne zai shiga.

Abin da ake saye galibinsa ruwa ne

Tushen lissafin gaba ɗaya shi ne ruwan da ke cikin kayan. Tumatir ɗanye kusan kashi 94 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Tattasai yana kusa da haka, albasa kuwa tana da kusan kashi 89. Wato idan mutum ya sayi kilo 100 na tumatir, ainihin abin da ke ba miya kauri da ɗanɗano bai wuce kilo 6 ba, sauran duk ruwa ne. Wannan ruwan shi ne ke sa kuɗin mota ya yi yawa, shi ne kuma ke ba ƙwayoyin ruɓewa da fumfuna wurin zama. Saboda haka shanya da dafawa duk aiki ɗaya suke yi, wato raba kayan da ruwansu. Bambancinsu kawai shi ne, shanya rana da iska take amfani da su, su kuwa kyauta ne, dafawa kuma itace ko gawayi ko gas take ci.

Daga nan ne ake samun ƙa'idar farko. Kilo 15 zuwa 18 na ɗanyen tumatir ne ke ba da kilo ɗaya na kauɗa. Albasa kuwa kusan kilo 10 ne ke ba da kilo ɗaya busasshe, bayan an cire ɓawo. Wanda bai san wannan ba, ranar da ya ga kwando guda ya koma abin da bai cika ƙaramar leda ba, sai ya ɗauka an yi masa sata, ko kuma ya sayar da kauɗarsa a farashin da bai mayar da uwar kuɗi ba.

Irin tumatir ɗin ma yana da muhimmanci. Masu tsawo da kaurin tsoka, irin su UC82B da Roma, waɗanda aka fi nomawa a fadamun Arewa, sun fi dacewa da shanya da dafawa. Tumatir mai faɗi da ruwa-ruwa da yawan 'ya'ya yakan ɗauki lokaci kafin ya bushe, abin da zai rage kuma kaɗan ne.

Misalin da za mu bi

Mu ɗauki misalin wata mai gidan abinci a Suleja, wadda ke amfani da kilo 5 na tumatir a kowace rana. Alƙaluman kuɗin da za a ambata misali ne kawai domin a ga yadda lissafin yake tafiya; kowa sai ya sa farashin kasuwarsa a madadinsu. A ce a watan Fabrairu kwando mai nauyin kilo 50 yana naira 10,000, ta kuma yanke shawarar sayen kwando 10, wato kilo 500.

Kuskuren da bai kamata ta yi ba shi ne ta kwaso su duka rana ɗaya. Kilo 100 na yankakken tumatir yana bukatar wurin shanya kamar murabba'in mita 15, wato fili mai tsawon mita 5 da faɗin mita 3, kuma zai kwana huɗu zuwa shida a kai. Idan wannan ne iyakar filinta, to sai ta raba sayayyar gida uku, mako-mako. Abin da ke iyakance yawan saye shi ne girman wurin shanya da yawan hannun da za su yanka, ba arahar kasuwa ba.

Da zarar kaya sun iso, a ranar za a juye su a inuwa a tantance, domin na ƙasan kwando sun riga sun sha nauyin na sama. Kashi huɗu ake yi. Na farko shi ne wanda ya ruɓe, ko yake wari, ko fumfuna ta fito masa. Wannan na zubarwa ne. Dafuwa tana kashe fumfuna, amma ba lallai ta lalata dafin da wasu nau'o'inta ke bari ba, kuma ruɓaɓɓen tumatir yana rage tsamin abin da za a ɗura a kwalba. Na biyu shi ne wanda ya nuna sosai har ya fara laushi ko ya ɗan fashe, amma lafiyarsa ƙalau. Wannan na tukunya ne, kuma kada ya kwana. Na uku shi ne jajaye masu tauri, su ne na shanya. Na huɗu shi ne waɗanda ba su gama nuna ba, za su iya yin mako guda ko fiye a inuwa mai iska. Waɗannan su ne na amfanin yau da kullum.

A misalinmu, a ce daga kilo 500 an zubar da 50, an ware 100 na dafawa, 300 na shanya, 50 kuma na ci ɗanye.

Yadda ake kauɗa mai daraja

Kauɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya ga yadda ake baza yankakken tumatir a ƙasa ko a gefen titi. Wannan hanya ita ce ta zubar wa kauɗa daraja a idon masu saye da yawa, domin takan zo da yashi da ƙura, ga kashin dabbobi, launinta kuma ya yi baƙi. Gyaran da ake bukata ba mai tsada ba ne.

Da farko a wanke tumatir da ruwa mai tsabta, a bar shi ya tsane. Sai a yanka kowane ɗaya gida biyu a tsaye, manya kuma gida huɗu, ta yadda kaurinsu zai zo kusan ɗaya, domin idan wani ya fi wani kauri, siraran za su ƙone kafin masu kaurin su bushe. Da sassafe ake yanka, saboda ya samu zafin yini guda cur kafin sanyin dare. Ranar farko ita ce mai haɗari: tumatir ɗin da aka yanka da la'asar yakan kwana da ruwansa, ya wayi gari yana tsami.

A kafa gado mai tsayin kusan mita ɗaya daga ƙasa, a shimfiɗa asabari ko ragar roba mai tsabta domin iska ta ratsa ta sama da ta ƙasa. A jera tumatir gefen da aka yanka yana kallon sama, kada wani ya hau kan wani. A barbaɗa ɗan gishiri kaɗan, yana taimakawa wajen jawo ruwa da hana fumfuna. Sannan a rufe da raga irin ta gidan sauro, a ɗaga ta yadda ba za ta taɓa kayan ba, saboda ƙudaje da ƙura. Kwanon rufi ba wurin shanya tumatir ba ne, domin tsaminsa yana cin ƙarfe. Da yamma a shigar da shi ɗaki ko a rufe shi saboda raɓa, a rana ta uku kuma a juya shi.

Ana gane kauɗa ta yi idan ta zama kamar jemammiyar fata, launinta ja mai duhu, kuma idan aka matsa ta da yatsa babu damshi, ba ta kuma manne wa juna. Akwai gwaji mai sauƙi: a cika busasshiyar kwalba da ita zuwa rabi, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi yini guda. Idan an ga gumi a jikin kwalbar daga ciki, da sauran ruwa, sai a mayar da ita rana. Wadda ta ci wannan jarrabawa sai a zuba ta a leda mai kauri, a fitar da iska, a ɗaure, a sa a bokiti ko duro mai murfi, a ajiye a wuri mai duhu nesa da ƙasa da bango. Ƙananan ƙunsoshi na kilo ɗaya ko biyu sun fi babban buhu guda, domin duk lokacin da aka buɗe buhu da damina damshi ne yake shiga. Kauɗar da aka yi haka tana iya kai wata shida. Baƙin launi da ɗaci alama ce ta jinkirin bushewa, farin gari-gari kamar auduga ko warin rima kuwa fumfuna ce, wannan ƙunshin sai a zubar.

Kilo 300 na mai gidan abincinmu zai ba ta kusan kilo 18 na kauɗa.

A nan akwai iyaka da ya wajaba 'yan kasuwarmu na Kudu su lura da ita. Shanya a fili tana yiwuwa ne inda iska take a bushe, kamar Kano da Sakkwato da Kaduna, har zuwa Abuja da Suleja kafin ruwan Afrilu ya sauka. A Legas da Fatakwal da sauran garuruwan gaɓar teku, iskar tana ɗauke da laima ko da rani, tumatir yakan yi fumfuna kafin ya bushe. Wanda ke can, gara ya ba wani amintacce a gida aikin shanyar bisa sharuɗɗan da aka zayyana a sama, a aiko masa da kauɗa. Ribar mota ma tana nan: kilo 18 ne zai yi tafiyar, ba kilo 300 ba.

Tattasai da attarugu da albasa

Tattasai ana tsaga shi biyu ne a cire hanci da 'ya'ya, a shanya kamar yadda aka yi wa tumatir, yakan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai. Attarugu ma gara a tsaga shi, domin idan an bar shi ɗungurungum bayansa yakan bushe alhali cikinsa na ruɓewa; mai yankan ya sa leda ko safar roba a hannu. Barkono siriri ne kawai ake shanyawa yadda yake. Su waɗannan, saɓanin tumatir, sai sun bushe ƙamas, har idan aka lanƙwasa su su karye, barkono kuma a ji 'ya'yansa na kaɗawa a ciki. Dalilin tsanantawa shi ne, barkonon da aka ajiye da sauran damshi yana iya kamuwa da fumfunar da ke haifar da dafin afulatoksin, wanda ke illata hanta, dafuwa kuma ba ta kawar da shi. Kada a daka sai an zo amfani, domin garin ya fi saurin shan damshi da rasa launi.

Albasa kuwa hukuncinta daban ne. Ita tana da ɓawon da ke kare ta, saboda haka ba a fara da yanka ta. Albasar rani da ke fitowa daga Aliero a Jihar Kebbi da fadamun Sakkwato tana iya yin watanni idan an bi da ita yadda ya kamata. A baza ta a inuwa mai iska na kwana goma zuwa mako biyu, har wuyanta ya bushe ya tsuke, ɓawonta ya yi ƙaras-ƙaras. Sai a ɗora ta a kan gado na kara ko katako, a ƙarƙashin rumfa, kada tulin ya wuce kamu biyu. Ba a ɗaure ta a buhun leda. Kowane mako biyu a bi ta a tsince masu laushi da masu tsiro, domin guda ɗaya ruɓaɓɓiya tana ɓata maƙwabtanta. Mai ajiya ya sa a lissafinsa cewa nauyinta zai ragu ko da babu wadda ta ruɓe.

Waɗanda ba za su jure ajiya ba su ne masu kaurin wuya, da masu rauni a jiki, da waɗanda suka rabu biyu. Su ne za a fara amfani da su, abin da ya yi saura a yanka siri-siri a shanya har ya riƙa karyewa. Lawashi ma ba abin yarwa ba ne, da shi ake yin gabu, wanda ke ba miya ƙamshi lokacin da albasa ta yi tsada.

Dafawa da ɗurawa a kwalba

Kilo 100 na tumatir mai laushi shi ne zai shiga tukunya. A wanke, a yanke duk inda ya yi tabo, a markaɗa, a zuba a tukunya mai faɗin baki, wadda ba ta tsatsa. Faɗin baki yana rage cin makamashi, domin ruwan ya fi saurin tashi. Ba a rufe tukunyar. A riƙa juyawa, musamman idan ya fara kauri, saboda ƙauri kaɗan yana ɓata tukunya guda. Idan ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya isa. Kilo 100 zai ba da kamar lita 30, wato kwalba 60 masu rabin lita.

A wannan gaɓa ce ake yin kuskuren da ke iya cin rai, saboda haka a karanta da natsuwa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, wadda tafasasshen ruwa ba ya kashe ƙwayayenta. Tana tsirowa ne a inda babu iska kuma babu isasshen tsami, kamar cikin rufaffiyar kwalba ko ƙarƙashin mai, ta haifar da dafin da ke shanye jijiyoyi har ya tsayar da numfashi. Ciwon ana kiransa botulizim. Abin tsoron shi ne, ba kullum ne abincin yake canza wari ko launi ba. Abin da ke hana ta tsirowa shi ne tsami. Tumatir yana da tsami, amma a bakin iyaka yake, kuma yana raguwa idan ya nuna da yawa. Tattasai da attarugu da albasa kuwa ba su da tsamin da zai kare su.

Daga wannan ne ƙa'idoji uku suka fito. Ta farko, tumatir zalla ake ɗurawa a kwalbar da za a ajiye a ɗaki. Ba a haɗa shi da tattasai ko albasa ko mai. Ta biyu, a zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami a kowace kwalba mai rabin lita kafin a ɗura. Ta uku, kada a kuskura a sa kanwa. Masu girki da yawa suna sa ta domin kashe tsamin tumatir, kuma babu laifi a ranar da ake yin miya, amma a cikin kwalba tsamin nan shi ne mai gadi.

Yadda ake ɗurawar shi ne, a sami kwalaben gilashi masu faɗin baki marasa tsagewa, da sababbin murafu masu roba a ciki. A wanke su a tafasa. A zuba markaɗen da zafinsa, a bar sarari kamar faɗin yatsa ɗaya daga baki, a goge bakin, a rufe. Sai a shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben a tsaye, a zuba ruwan zafi har ya shanye kansu da kamar yatsa biyu. Daga lokacin da ruwan ya fara tafasa sosai ake ƙirga minti 45. A garuruwa masu tudu ruwa yana tafasa kafin ya kai cikakken zafinsa, don haka a Abuja da Kaduna da Kano a ƙara minti 5, a Jos kuma minti 10. Bayan sun huce, murfin da ya kama yakan lotsa ciki. Wanda bai lotsa ba a yi amfani da shi nan da nan. A rubuta kwanan wata a jikin kowace kwalba. Duk wadda daga baya murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ta fesar da ruwa da aka buɗe, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Ko lafiyayyar ma, a tabbata miyar da aka yi da ita ta tafasa aƙalla minti 10.

To, ina makomar haɗaɗɗen markaɗe na tumatir da tattasai da albasa, wanda aka soya da mai? Wannan na kwanaki ne. A firji yana yin kwana uku zuwa huɗu, a injin ƙanƙara kuma watanni, muddin wutar lantarki ba ta yanke har ya narke ba. Man da ke kwance a samansa ba ya mai da shi abin ajiya a ɗaki.

Lissafin riba

Yanzu sai mu tara kuɗin da mai gidan abincin ta kashe. Tumatir naira 100,000, mota da dako 20,000, ladan masu yanka da gishiri da raga 25,000, leda da bokitai 10,000, makamashi 15,000, kwalabe da murafu da lemon tsami 30,000. Jimilla naira 200,000 ke nan a kan kilo 450 masu amfani, wato kusan naira 444 a kowane kilo. Tun da kowane kwando mai kilo 50 kilo 45 ne ke amfanuwa daga cikinsa, ma'anar wannan ita ce kwandonta ya tsaya mata a naira 20,000, ninki biyu na abin da ta saye shi.

Wannan adadi shi ne ma'auninta. Idan farashin damina bai wuce naira 20,000 ba, wahalar banza ta sha, har ma da hasara, tun da kuɗinta sun kwanta wata huɗu ba su juya ba. Idan kuwa kwando ya kai naira 40,000, kilo ɗaya zai tsaya wa maƙwabtanta a kusan naira 889, ita kuma kilo 400 da ta ajiye sun rage mata kashe kusan naira 178,000.

Lissafin ya kuma nuna wani abu. Shanyar kilo 300 ta ci naira 35,000, wato kusan naira 117 a kowane kilo, alhali dafa kilo 100 da ɗura shi ya ci naira 45,000, wato naira 450 a kowane kilo. Kwalba ta ninka shanya tsada kusan sau huɗu a shekarar farko, ko da yake a shekara ta biyu murafu kawai za a sabunta. Saboda haka shanya ita ce babbar hanya, kwalba kuma ta ceton tumatir mai laushi ce da na abincin da ke bukatar jan launi.

Tsarin abinci shi ne ke cika ribar

Kilo 50 na ɗanye abincin kwana 10 ne, kuma za a cinye shi tun a makonnin da ake aikin. Kwalba uku a rana suna madadin kilo 5, don haka kwalba 60 kwana 20 ne. Kauɗa giram 300 ita ma tana madadin kilo 5, kilo 18 ke nan kwana 60. Ajiyar kwana 80 ke hannunta, amma ba a fara taɓa ta a Maris ko Afrilu, lokacin da ɗanye yake da sauƙi. Sai ranar da kwando ya haura naira 20,000 za a buɗe ƙunshin farko.

Haka kuma ba a cinye kwalabe sannan a koma kauɗa, domin masu cin abinci za su lura ranar da launin miya ya canza. Ana tafiya da su tare, kowanne a inda ya dace. Kauɗa ana jiƙa ta a ruwan ɗumi na rabin sa'a, a markaɗa ta da ruwan jiƙon tare da busasshen tattasai, wanda ke gyara mata launi. Ta fi dacewa da abincin da ba a neman ja a cikinsa, kamar miyar taushe da miyar ganye da faten wake da faten tsaki da miyar kuɓewa. Na kwalba kuma a bar shi domin miyar dage-dage da dafa-duka, inda ido ke fara ci kafin baki.

Alal misali, a mako mai ranakun aiki shida, tana iya sa abincin kauɗa kwana huɗu, na kwalba kwana ɗaya, a rana ta shida kuma ta fito da abincin da ba ya bukatar markaɗe, kamar garau-garau da mai da yaji, ko ɗanwake, ko tuwo da miyar kuka. Da wannan tsari kauɗarta za ta yi mako 15, kwalabe kuma su yi saura, wato daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Agusta, lokacin da tumatir ɗin damina ya fara shigowa kasuwa. Tun da shanya da doguwar dafuwa suna rage wasu sinadaran gina jiki da ke cikin ɗanyen tumatir, yana da kyau a riƙa haɗawa da ganyen damina, irin su alayyafo da zogale, waɗanda a lokacin suke da araha.

A taƙaice, kafin mai karatu ya biya kuɗin kwandon farko, ya rubuta abu huɗu a takarda: kilo nawa yake amfani da shi a rana, kilo nawa wurin shanyarsa zai ɗauka a mako, nawa kwando zai tsaya masa bayan an haɗa duk ɗawainiya, da kuma farashin da kwando ya kai a kasuwarsa a daminar bara da ta bara waccan. Idan adadi na huɗu bai zarce na uku da rata mai kyau ba, ya sayi na yini kawai. Idan ya zarce, ya kafa gadon shanya tun kafin Janairu ya ƙare.